Gyara ko zubarwa: 'yan rakiyar furotin da maganar taurin kan ƙwayar maleriya

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙwayar maleriya ta fara taurin kai ga atemisinin, sinadarin da ke cikin manyan magungunan maleriya, a Ruwanda da Yuganda da Iritiriya da Tanzaniya, labarin ya iso kantunan kemis na Jos a guntule. Uwa za ta tsaya gaban kanta a Faringada ta ce, "Malam, an ce maganin nan ya daina ci, ba gara a yi masa allura ba?" Mai kemis kuwa abin da ya ji bai wuce nata ba. In aka koma ga bayanin masu bincike, sai a tarar da zancen lalacewar furotin, da furotin masu gyaran 'yan'uwansu, da wata na'urar niƙa a cikin tantani, wato ɗan ƙanƙanin ɗakin da ake gina jikin mai rai da shi. Maganin da taurin kan duk a wurin nan suke haɗuwa, wato a hukuncin da tantani ke yanke wa furotin da ya lalace: a gyara shi ne, ko a zubar.

Furotin da naɗinsa

Furotin sarƙa ce ta ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Hemogulobin na jini, alal misali, yana da sarƙoƙi huɗu, biyu masu amino asid 141, biyu masu 146. Sai dai sarƙar a miƙe ba ta aikin komai. Kamar rawani take: yadin yana nan da tsawonsa, amma bai zama rawani ba sai an naɗa shi yadda ya kamata.

Abin da ke jan naɗin shi ne ruwa. Wasu amino asid suna jituwa da ruwa, wasu kuma masu maiƙo ne, suna gudunsa kamar yadda man gyaɗa ke tattaruwa wuri guda a saman miya. Idan sarƙa ta naɗu daidai, masu maiƙon suna ɓuya a ciki, masu son ruwa su rufe su ta waje. Christian Anfinsen ya nuna cewa ƙaramin furotin da aka warware a kwalbar gwaji yana iya sake naɗe kansa ba tare da taimakon kowa ba, ya kuma samu kyautar Nobel a 1972. Amma kwalbar gwaji fili ce fetal, cikin tantani kuwa kasuwa ce ranar cinta. Furotin da ke cikin lita ɗaya ta ruwan tantani yana kai giram 200 zuwa 300. Ga shi sabuwar sarƙa ba ta fitowa gaba ɗaya, ribosom, na'urar da ke haɗa furotin, na saƙa ta ne amino asid biyar ko shida a daƙiƙa, don haka kanta yana waje yana lilo da maiƙonsa a buɗe alhali wutsiyar ba ta fito ba. In ya ci karo da maiƙon wata sarƙar, sai su manne, wata ta zo ta ƙaru, a yi gudaji.

Zafi ma haka yake yi wa furotin da ya riga ya naɗu. Duk wanda ya zauna bencin mai shayi a Taminus da sanyin safiya ya ga wannan da idonsa: farin ƙwai yana faɗawa kasko garau kamar ruwa, nan take ya yi fari ya daskare. Furotin ne suka warware, maiƙonsu ya fito, suka cuɗe. Wutar kasko ta wuce hankali, amma a cikin jiki ba a buƙatar haka. Furotin da yawa riƙon naɗinsu ba shi da ƙarfi, ƙarin digiri uku ko huɗu a kan 37 ya isa ya sa masu rauni su fara sassautawa.

Su wane ne 'yan rakiya

Masana suna ce musu shafaron, kalmar da asalinta ke nufin dattijuwar da ke raka budurwa don kada ta yi cuɗanyar da ba ta dace ba. Ron Laskey ne ya fara amfani da ita a wannan fage a 1978, John Ellis ya faɗaɗa ma'anarta a 1987. A Hausa 'yan rakiya ya fi dacewa, domin suna kai sarƙa inda za ta, su juyo, ba sa zama cikin furotin da ya kammala. Ba su ne ke gaya wa sarƙa siffar da za ta ɗauka ba, wannan yana cikin jerin amino asid ɗinta. Nasu shi ne hana ta mannewa kafin ta gama.

Da yawansu suna ɗauke da sunan Hsp, wanda ke nufin furotin na bugun zafi, lambar da ke biye kuma nauyinsu ce. Sunan ya samo asali daga abin da Ferruccio Ritossa ya gani a Italiya a 1962, lokacin da aka ƙara zafin akwatin da yake renon tsutsotsin wani ƙaramin ƙuda, ya ga wasu sassan ƙwayoyin gadonsu sun kumbura sun kama aiki.

Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne Hsp70, don kusan kowace sarƙa mai matsala ta hannunsa take bi. Yana da sashe biyu: ɗaya yana riƙe ATP, wato kuɗin makamashin tantani, ɗayan kuma rami ne mai murfi. Abin da ramin ke nema gajeren yanki ne, amino asid kamar biyar masu maiƙo a jere. Irin wannan yanki yana nan a kusan kowane furotin, kusan sau ɗaya cikin kowane amino asid 40, amma in naɗi ya yi kyau a ɓoye yake. Ganinsa a waje shi ne shaidar cewa akwai matsala. Da wannan dabara guda Hsp70 ke gane dubban furotin da ba su yi kama da juna ba.

Muddin ATP na hannunsa, murfin a buɗe yake, yana kamawa yana saki. Sai wani mataimaki, Hsp40, ya kamo sarƙar da ta warware ya miƙa masa, ya kuma zuga shi ya ƙone ATP ɗin ya koma ADP. Nan murfin ke rufewa gam a kan yankin mai maiƙo. Sarƙar ba ta iya mannewa da kowa a wannan hali, kuma riƙon da aka yi mata yana taimakawa wajen kwance naɗin da ya karkace. Daga nan mataimaki na biyu ya zo ya zare ADP, sabon ATP ya shiga, murfi ya buɗe. Sarƙa ta samu damar gwada naɗewa. In ta yi daidai, maiƙon ya ɓuya, Hsp70 ba ya sake ganinta. In ba ta yi ba, a sake kama ta, a sake biyan ATP.

Wasu sarƙoƙin sun fi ƙarfin wannan. Akwai waɗanda ake miƙa wa Hsp90 ya ƙarasa, akwai waɗanda ake sakawa cikin wani furotin mai siffar tulu a rufe, su naɗe su kaɗai. Na ƙwayoyin bakteriya, GroEL, shi aka fi sani: zobe biyu, kowane da sassa 7, ana rufe sarƙa ciki kimanin daƙiƙa 10 sannan a buɗe.

Inda ake yanke hukunci

Babu wani alƙali a cikin tantani da ke duba furotin ya ce wannan ba zai gyaru ba. Hukuncin na lokaci ne. A wutsiyar Hsp70 akwai gurbi guda da mataimaka biyu ke takara a kansa. Ɗaya, HOP, yana haɗa shi da Hsp90 don a ci gaba da gyara. Ɗayan, CHIP, aikinsa buga alamar zubarwa. Sarƙar da ta naɗu a zagaye na farko ko na biyu ta tsere. Wadda ta yi ta dawowa kuwa, kowace dawowa tana ƙara yiwuwar ta tarar da CHIP zaune a gurbin.

Alamar ita ce yubikwitin, ƙaramin furotin mai amino asid 76. Ta yi kama da jan fentin da ake shafa wa ginin da za a rusa, da bambanci ɗaya: guda ɗaya ba ta wadatar ba. Ana ɗaura yubikwitin a jikin sarƙar, a ɗaura wani a kansa, har su kai kamar huɗu. Kafin su cika, akwai wasu furotin da ke iya yanke su, don haka ko a nan ƙofar ceto ba ta rufe ba tukuna. In sun cika, sai furotiyasom ya karɓa. Shi ganga ce mai zobe huɗu, kowane da sassa 7, wuƙaƙen a ciki suke, bakin kuma ƙunci gare shi ƙwarai. Hular da ke kansa tana gane alamar, ta cire yubikwitin don a sake amfani da shi, ta warware sarƙar da ƙarfin ATP, ta zura ta kamar zare a kafar allura. Gutsattsari ne ke fitowa, a mai da su amino asid, a saƙa sabon furotin da su. Gano wannan hanya ne ya ba Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose kyautar Nobel a 2004.

Ƙuncin bakin nan shi ne iyakar furotiyasom: sarƙa ɗaya ɗaya yake ci, gudaji ba ya shiga. In gudajin ya riga ya yi, ko dai 'yan rakiya su haɗu su zare sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ko tantani ya naɗe shi dungum cikin jaka ya kai wa laisosom, jakar narkar da shara ta tantani, ya narkar.

Tsarin yana kuskure ta fuska biyu. Wani lokaci tsananinsa ke yin yawa. A cutar gado ta sistik faiburosis, wadda ta fi yawa a Turawa, galibi amino asid ɗaya tak ke ɓacewa a gurbi na 508 cikin 1,480 na furotin CFTR. Furotin ɗin da zai iya ɗan taɓa aiki in an bar shi, amma jinkirin naɗinsa yana sa a niƙe kusan dukkansa. Wani lokacin kuma lalacewar ce ke rinjayar masu gyara da masu niƙa baki ɗaya. Wannan na biyun shi ne abin da atemisinin ke jawo wa ƙwayar maleriya da gangan.

(Sikila ba ta cikin wannan babi, ko da yake ana yawan haɗa su. Hemogulobin na mai sikila yana naɗuwa daidai. Amino asid mai maiƙo ne ya maye gurbi na 6 a sarƙar beta, a waje, kuma sai iskar oksijin ta sauka yake sa su jeru kamar sanduna.)

Ƙwayar da ta saba da wuta

Falsifaram, nau'in da ke haddasa mafi yawan maleriyar Najeriya, rayuwarsa duk sauyin zafi ce. Yana barin cikin sauro mai zafin iskar gari, wanda a daren Jos kan yi ƙasa sosai, ya faɗa jini mai digiri 37, sannan shi da kansa ya tayar da zazzaɓin da ke kai 40 ko 41. Ga wata matsala ta gado: kusan rubu'in furotin ɗinsa ko fiye suna da dogayen jerin amino asid guda, asfarajin, mai saurin yin gudaji. Shi ya sa ya tanadi 'yan rakiya da yawa. Hsp70 kaɗai yana da iri 6, har da wanda yake turawa waje cikin jan tantanin jinin da ya mamaye. A gwajin da aka raunana ɗaya daga cikinsu, Hsp110, furotin masu asfarajin sun cuɗe da aka ɗaga zafi zuwa na zazzaɓi, ƙwayar ta mutu.

Atemisinin, wanda aikin Tu Youyou a Sin ya fito da shi daga ganyen tazargade, har ta samu Nobel a 2015, ba ya cizo sai an kunna shi. A jikinsa akwai wata gada ta oksijin biyu. Ƙwayar tana haɗiyar hemogulobin tana narkarwa, sinadarin ƙarfen da ke fitowa daga ciki ya karya gadar, maganin ya zama abu mai manne wa duk furotin da ya taɓa. Ba furotin ɗaya yake hari ba, ɗaruruwa ne. Binciken da aka yi a Melbon ta Ostireliya, wanda ya fito a 2018, ya nuna cewa yana yin ɓarna biyu a lokaci guda: yana lalata furotin ya hana sababbi naɗuwa, yana kuma rage aikin furotiyasom. Sarƙoƙi masu alamar yubikwitin sai su taru ba mai niƙa su, kamar buhunan hatsi a gidan niƙa ranar da inji ya tsaya. Wani abin lura a binciken: da aka hana ɗaura yubikwitin ɗin, ƙarfin maganin ya ragu. Ke nan tarin kansa yana cikin abin da ke kisa.

Bayani biyu kan taurin kan

An fara ganin jinkirin mutuwar ƙwayar a yammacin Kambodiya wajen 2008 da 2009. A 2014 aka danganta shi da sauyi a ƙwayar gado mai suna Kelch13. Na Kambodiya shi ne C580Y, na Ruwanda R561H, kuma na Afirka ba daga Asiya aka kwaso su ba, a nan suka tsiro. Yadda sauyin ke ceton ƙwayar shi ne inda masana suka kasu.

Ɓangare na farko ya ce ƙwayar ta ƙara ƙarfin gyara ne. Hujjarsu wani babban bincike na 2015 da ya duba ƙwayoyi daga marasa lafiya fiye da 1,000, ya ga masu taurin kai sun ɗaga samar da 'yan rakiya, suna kuma jan ƙafa a matakin farko na girmansu. Akwai ƙarin goyon baya daga gwaje-gwajen da suka nuna cewa ƙwayoyin gadon da ke taimaka wa falsifaram jure zazzaɓi, da yawansu su ne ke taimaka masa jure atemisinin. Raunin wannan bayani shi ne, ganin 'yan rakiya sun yawaita bai nuna su ne sanadi ba, yana iya zama sakamako.

Ɓangare na biyu ya ce ɓarnar ce ta ragu tun daga tushe. Masu bincike a Hambog ta Jamus sun nuna a 2020 cewa furotin Kelch13 yana zaune ne a bakin da ƙwayar ke haɗiyar hemogulobin. Sauyin yana rage yawansa, ƙaramar ƙwaya ta rage ci, ƙarfen da zai kunna magani ya yi kaɗan. Wannan bayani ya fi kai tsaye, don ya nuna inda furotin yake da abin da yake yi, ya kuma dace da yadda taurin kan ya tsaya ga ƙananan ƙwayoyi masu siffar zobe, manya kuwa har yanzu suna mutuwa. Amma bai share na farko ba: a ɗakin gwaji, in aka haɗa atemisinin da sinadarin da ke toshe furotiyasom, masu sauyin Kelch13 ma suna mutuwa. Wato ko da ɓarnar ta ragu, ƙwayar tana dogara da masu kwashe shara don ta kai labari. Da yawan masana yanzu suna ɗaukar su biyun a matsayin hannu biyu na sikeli ɗaya, ɓarnar da ke shigowa da wadda ake iya kwashewa.

Abin da wannan ke nufi a gida da kemis

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin rubu'in masu kamuwa da maleriya a duniya, amma ba ta cikin ƙasashe huɗun da aka ambata. Kuma ko a can, taurin kan na wani ɓangare ne: maganin yana kisa, a hankali ne. Ma'aunin masana shi ne rabin ƙwayoyin su ɗauki fiye da awa 5 kafin su ɓace daga jini, ko a ga saura a rana ta uku.

Lissafin shan magani na kwana uku ya fito ne daga abin da aka bayyana a sama. Atemisinin ba ya daɗewa a jini, cikin awa ɗaya zuwa biyu rabinsa ya tafi. Kowane sha tamkar ruwan sama ne mai ƙarfi da ke ɗaukewa da wuri, ƙwayar da 'yan rakiyarta suka riƙe ta har ya wuce za ta farfaɗo. Shi ya sa haɗin atemita, dangin atemisinin, da lumefantirin ake shansa sau 6: na farko, na biyu bayan awa 8, sannan safe da yamma na kwana biyu. Babba mai kilo 35 ko fiye yana shan ƙwayar magani 4 na masu 20/120 kowane lokaci, 24 ke nan jimla.

A ɗauki misalin mutum mai ƙwayoyi biliyan 100 a jininsa. Zagayen rayuwar falsifaram awa 48 ne, kuma a kowane zagaye atemisinin yana rage su kimanin ninki 10,000. Kwana uku sun taɓa zagaye biyu: biliyan 100 ta koma miliyan 10, miliyan 10 ta koma 1,000. Wannan dubun aikin lumefantirin ne, wanda ke zama kwanaki a jini, shi kuma ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka ake cewa a sha da madara ko abinci mai mai. In mutumin ya tsaya bayan ranar farko, miliyan 10 na nan. Adadin ya yi ƙasa da abin da madubin asibiti ke gani, ya yi ƙasa da abin da ke tayar da zazzaɓi, sai ya ji garau ya ajiye sauran katin a kan firji don wata rana. Su kuwa ragowar su ne waɗanda suka fi jure ɓarnar, suna iya ninkawa kusan goma a kowane kwana biyu, ga lumefantirin ɗin da ke jini bai isa ba.

Allurar da uwar nan ta nema a Faringada ba ta kauce wa wannan. Allurar atesunet ta maleriya mai tsanani ce, dangin atemisinin ce ita ma, tana saurin barin jini, kuma ƙa'ida ita ce a bi ta da cikakken haɗin kwana uku. Allura ɗaya ko biyu kawai a koma gida ita ce yanayin da ya fi dacewa da ƙwaya mai taurin kai.

Zazzaɓi kuma, gaskiya ne digiri 41 na kashe manyan ƙwayoyi a ɗakin gwaji, amma masu siffar zobe sun fi jurewa, yaro kuwa yana iya shiga jijjiga. Ba a barin jiki da zafi don a gasa ƙwaya.

In zazzaɓi bai sauka ba bayan kwana uku, ko ya dawo cikin mako huɗu, taurin kai shi ne na ƙarshe a jerin abin zargi. Kafin shi akwai rashin cika magani, da amai jim kaɗan bayan sha, da sha ba abinci, da jabun magani, da ciwon da tun farko ba maleriya ba ne. Gwajin da zai raba gardama shi ne na madubi, ba na tsinken nan mai layi biyu ba, domin furotin HRP2 da tsinken ke nema yana iya zama a jini makonni bayan ƙwayar ta mutu, ya nuna akwai alhali babu.